Tsawon magana ba shi ne ilimi ba

Tun da daɗewa mutanenmu na Garwa da Marwa a Kamaru sun ɗauka in saƙo bai yi tsawo ba to mai shi bai yi boko ba, ko kuma ya rena mutane. Ina ganin takardun ofis na Faransanci ne suka saba mana da haka, har muka kwaso salon muka zuba wa Hausa.

Duba wannan, irin wanda ake turawa a guruf ɗin 'yan adashi: "Muna masu sanar da ku cewa mun gudanar da bincike a kan kuɗin, kuma za mu aiwatar da rabonsu ranar Juma'a." To "gudanar da bincike a kan" ai "bincika" ne kawai, "aiwatar da rabo" kuma "raba", aikatau ɗin na nan an mai da shi suna sai aka nemo wani ya ɗauke shi. "Muna masu sanar da ku cewa" kuwa ba ta ɗauke da komai, saƙon ai shi ne sanarwar. Saura: "Mun bincika kuɗin, za mu raba ranar Juma'a."

Amma fa gaisuwa ba ta cikin abin yankewa, bar wa Alhaji sallamarsa da ranka ya daɗe. Haka ranar, in ka cire "Juma'a" sai an yi ta kiranka a waya ana tambaya yaushe.