Bashin af, wato manhajar rance ta waya, da caca: tambayoyin da matasa ke turowa

"Malam, af na bina dubu 26 kuma jibi wa'adi zai cika, dubu biyu ta rage min a asusu. In na haɗa wasanni masu tabbas ba zan iya fitar da kuɗin ba?"

Ɗan'uwa yi lissafin da kanka. Kafin dubu biyu ta zama dubu 26 sai ka samu od 13, tikitin da zai ninka kuɗinka sau 13 kenan, wato ko da kamfanin cacar bai cire nashi ba, sau ɗaya cikin 13 irin wannan tikiti ke ci, kuma ai yana cirewa. Duba wasan da ɓangarorin biyu suke daidai wa daida, adalci shine a ba kowane 2.00 amma 1.90 za ka gani, wannan ɗan gibin shine abincin kamfani, kusan naira biyar a kowace ɗari. Abin da yara ba su lura da shi ba shine gibin ninkuwa yake da kowane wasa da ka ƙara a tikiti, in ka jera wasa goma masu irin wannan gibi to a tsawon lokaci kusan naira 60 ke dawowa daga kowace 100 da aka zuba. Shi yasa kullum labarin guda ne, wasa ɗaya ne ya yanke. Ba rashin sa'a bane, haka aka gina abin.

Sannan wa'adin jibi da ke kanka shi zai lalata maka ɗan tunanin da ya rage. Mai bashi ba ya iya jiran Asabar a buga Firimiya, sai ya koma wasannin kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna, kafin la'asar dubu biyun ta tafi.

"To in na ranta daga wata af na biya wagga fa? Ai an ce in ka biya da wuri suna ƙara maka adadin da za ka iya ci."

Nan ne ainihin inda mutane ke nutsewa, bari in tsaya a kai. Mu ɗauki ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Mabera da Tsohuwar Kasuwa, kuɗin balas ɗin mai mashin ya shiga bet, sai ya ci bashin dubu 20 na kwana bakwai don ya rufe. Mu ce ruwan kashi 30 ne, na misali na sa, wasu sun fi haka wasu ba su kai ba. Ƙarshen sati ana binshi 26,000. Ba shi da su, sai ya sauke af ta biyu ya ranci 26,000 ɗin ya biya ta farko, sati na zagayowa 33,800. Sati na uku 43,940. Na huɗu 57,122. Wata guda kenan, kuma lura wannan lissafin na wanda bai sake buga ko naira ɗaya ba ne, ruwa kawai ke hawa kan ruwa.

Amma a gaskiya ba haka ake yi ba. Alat na shigowa, mutum zai ga dubu 26 zaune a asusu sai zuciya ta ce cire biyar ka gwada, in ta ci ka biya duka har da canji. Biyar ta tafi, yanzu abin da ya rage bai isa biyan af ta farko ba, sai tarar jinkiri ta fara hawa kullum, ga ta biyu na ƙirga kwana. Af ɗaya kuma ba kasafai take ba sabon mutum kuɗi da yawa ba, dole sai ya haɗa biyu ko uku, kowace da ranarta, har ya zamana babu ranar da ba a binshi wani abu. Wasu ma tun farko suke zare ruwansu, ka nemi 20 a turo maka 15 ko 16 amma 20 za ka biya, don haka abin dubawa shine nawa ya shigo hannunka da nawa zai fita, ba kason da suka rubuta da manyan baƙi ba.

Batun ƙarin adadi kuwa, eh suna ƙarawa, don sun ga kana biya. Ba su san da bashin wani ka biya ba, kuma ba ruwansu.

"Sun turo min saƙo wai za su aika hotona ga duk lambobin wayata su ce ni ɓarawo ne. Wallahi in Baba ya gani na shiga uku."

Wasu suna aikatawa, musamman waɗanda ba su da rijista, irin wanda ake turo maka mahaɗa ta WhatsApp ka sauke. Lokacin da ka danna Allow ne suka kwashe lambobin. Wannan cin mutunci ya saɓa ƙa'ida, hukumar kare masu saye ta tarayya FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022 ta kuma wajabta musu rijista, Google ma a 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Ka ɗauki hoton duk saƙon barazana ka kai ƙara wajen FCCPC.

Sai dai ƙarar ba ta goge bashin. Goge af daga waya ko yar da layi ma ba ya gogewa, BVN ɗinka na hannunsu kuma masu rijista na kai sunan wanda bai biya ba wajen kamfanonin ajiye tarihin bashi, gobe ka je neman rancen sana'a ka tarar da shi yana jiranka. Makaminsu tsoron Baba ne, to ka riga su gaya mishi. Zama guda mai zafi ne, ya fi a ce limamin unguwa ne ya fara ganin saƙon.

"Ni ban taɓa af ba, wurin abokai nake ranta, ba ruwa ba riba. Ai da sauƙi ko?"

Ribar dai ka tsira daga ita, cacar na nan, kuma kowa a garin nan ya san abin da Suratul Ma'ida aya ta 90 ta ce, ba sai na maimaita ba. Matsalar bashin aboki ita ce ba wanda ke ranta maka don ka yi bet, dole ka ƙirƙiro dalili, Inna ba lafiya, albashi ya makale, kaya na hanya daga Illela. Kuma da yake ba takarda ba wa'adi, kai kanka ba ka san jimilla ba, dubu uku wajen mai shago, biyar wajen mai POS, kwasar adashe da ka karɓa da wuri. Alamar da zaka gane abin ya yi nisa ita ce ka fara sauya hanya don kar ka bi ta wata majalisa, ko ka ranta wajen wannan ka biya wancan.

"Ƙanena ne, sau biyu ina biya mishi yana komawa. In sake biya?"

Yaya kar ki ba shi kuɗi a hannu, biyan da kika yi a baya shi ya wanke mishi suna af ta ƙara mishi adadi. Ku zauna da takarda ya rubuta kowa da ke binshi, nawa, yaushe, kuma ki buɗe wayar da saƙonnin banki ki gani da idonki don jimillar farko da zai faɗa da wuya ta cika. A rufe asusun bet ɗin a gabanki, da yawa suna da wajen da mutum ke toshe kanshi, Self-exclusion ake rubutawa, katin banki ya dawo hannunki ko na wani babba na ɗan lokaci. In za a biya a fara da wanda tararshi ke hawa kullum, ki tura kai tsaye ki ajiye shaida, masu rijista kuma a rubuta musu a nemi biya kashi-kashi, wasu na yarda. Abokai a gaya musu gaskiya a roƙe su kar su ƙara ba shi ko sisi. In ya daina barci ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware.