Saka Fayil ɗin Lissafi Ko Na Murya A Cikin PDF: Me Mai Karɓa Yake Buƙata?

Tambayoyin daga wani sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ne a Argungu.

"Na haɗa rahotonmu na shekara a PDF. Zan iya cusa jadawalin bashin taki na Excel da muryar taronmu a ciki?"

Za ka iya, Malam sakatare. A Adobe Acrobat Pro ka shiga Edit PDF, sai More, sai Attach File, ka zaɓi fayil ɗin, sannan ka adana. PDF a nan ambulan ne kawai: yana ɗaukar fayil ɗin yadda yake, ba ya mayar da shi shafi. Kuma kwafi ne ya shiga. In gobe ka gyara adadin buhunan wani a kwamfutarka, na cikin PDF yana nan da tsohon lissafi, sai ka cire shi ka sa sabo.

"Na tura wa shugabanmu a Birnin Kebbi, ya ce shafuka kawai ya gani."

Mai yiwuwa fayil ɗin bai ɓace ba. Manhaja biyu shugaban naku yake buƙata, kuma a nan yawancin mutane ke tuntuɓe. Ta farko ita ce wadda za ta nuna masa abin da aka liƙa. A kwamfuta, Acrobat Reader na kyauta yana da sashen Attachments mai alamar ƙarfen maƙale takardu, Firefox ma yana nunawa a gefe. Amma yawancin manhajojin da ke buɗe PDF a waya shafukan kawai suke nunawa, ba sa ko alamta cewa akwai wani abu a ciki.

Ta biyu ita ce mai buɗe fayil ɗin kansa. Jadawalin .xlsx sai da manhaja irin Excel ko LibreOffice Calc, murya kuma sai da manhajar sauraro irin VLC. Muryar da aka ciro daga WhatsApp yawanci .opus ce, ba kowace kwamfuta ke kunna ta ba, gara ka mayar da ita .mp3 tukuna. Kada ka dunƙule su a .zip, domin Acrobat yana ƙin buɗe irinsa saboda tsaro.

In girman PDF ɗin da ya isa ga shugaban naku ya yi daidai da naka, kayan suna ciki. In ya ragu sosai, wataƙila wani ya bi da shi ta Print to PDF a hanya, wanda ke zubar da duk abin da aka liƙa.

"To nauyi fa?"

Murya ce mai cin wuri. MP3 a 128 kbps yana cin kusan MB 1 kowane minti, don haka taron minti 40 ya wuce MB 25 da Gmail ke yarda a liƙa. A ganina, tunda yawancin membobinku a waya za su karanta, ka liƙa jadawalin don ajiya, ka rubuta a shafin farko cewa akwai shi da sunansa, muryar kuma ka tura ta daban.