Manhajar imel na ta tambayar kalmar sirri: ina matsalar take?

"Malam, Outlook ɗina ya ishe ni. Na rubuta kalmar sirri ta fi sau goma, sai akwatin ya sake fitowa, alhali na tabbata daidai nake rubutawa. Ko an yi mini kutse ne?"

Da wuya ya zama kutse, kuma ga hanyar da za ka gane cikin minti biyu. Rufe manhajar, ka buɗe burauza, ka shiga imel ɗinka ta shafin yanar gizo da wannan kalmar sirri ɗin. Idan Gmail ne ka shiga ta mail.google.com, idan na wurin aiki ne ka shiga ta shafin da aka ba ku. In ta buɗe, kalmarka lafiyarta ƙalau, ka daina zarginta. In ba ta buɗe ba, to ita ce matsalar, sai ka sauya ta tun kafin ka taɓa wani saiti.

Abin da ke rikita mutane shi ne akwatin nan amsa guda ya iya. Duk lokacin da manhaja ta gabatar da kanta ga saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye wasiƙunka, sabar ta ce a'a, sai manhajar ta ɗauka kuskuren rubutu ne, ta sake miƙo maka akwatin. Amma a'a ɗin nan tana da dalilai da yawa. Wataƙila sunan mai amfani bai cika ba. Wataƙila ka ƙwanƙwasa gidan da ba naka ba, wato sunan sabar ba daidai ba ne. Wataƙila kuma, kuma wannan ya fi yawa a 'yan shekarun nan, sabar ta daina karɓar kalmar sirri tsirara daga manhajoji gaba ɗaya, komai daidaitonta. Don haka ina roƙonka ka daina maimaita rubutawa. Kowane gwaji da ya faɗi ana ƙirga shi, kuma wasu sabobin suna kulle mutum idan ya yi yawa.

"Shekara da shekaru yana aiki, ban taɓa komai ba. Me ya canza?"

Kamfanonin ne suka canza doka. A da, manhajarka takan ajiye kalmar sirri ta riƙa aika wa saba duk lokacin da za ta duba wasiƙa. Google ta rufe wannan hanya ga masu Gmail na kansu a ranar 30 ga Mayun 2022. Microsoft ta soma rufe ta ga asusun kamfanoni na Exchange Online daga 1 ga Oktoban 2022, sannan ta rufe ga masu Outlook.com da Hotmail a ranar 16 ga Satumban 2024. Duk wanda ya saita manhajarsa da tsohuwar hanya kafin waɗannan ranaku bai sake waiwayarta ba, wata safiya zai tashi ya tarar da akwatin nan.

Sabuwar hanyar sunanta OAuth2. A nan manhajar ba ta ganin kalmar sirrinka sam. Takan buɗe maka ƙaramar taga ta Google ko ta Microsoft, ka shiga a can, ka amince, sai a ba manhajar wata shaida ta musamman da za ta riƙa nunawa. Wannan ya ba ka alama mai sauƙi. Idan abin da ke fitowa ɗan akwati ne na manhajar kanta mai gurbin suna da kalmar sirri kawai, tana kan tsohuwar hanya. Idan shafin shiga ne mai tambarin Google ko Microsoft, tana kan sabuwa.

A Thunderbird, wata manhajar imel irin Outlook, gyaran ba wuya. Je Account Settings, sannan Server Settings, ka duba Authentication method. Idan ka ga Normal password, mayar da shi OAuth2. Sai ka sauka can ƙasan jerin hagu zuwa Outgoing Server (SMTP), ka danna Edit, ka yi haka nan ma. Mutane da yawa sukan gyara na farko su manta na biyu, sai wasiƙa ta riƙa shigowa amma da an danna Send akwatin ya dawo. Bayan haka ka goge tsoffin kalmomin da aka ajiye a Settings, Privacy & Security, Saved Passwords, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Idan tagar Google ta fito amma ta ƙi wucewa, duba ko an cire alamar Accept cookies from sites a wannan shafin, domin shigar ba ta kammaluwa sai da shi.

Saitin Gmail kuwa ga shi:

```
IMAP: imap.gmail.com   993   SSL/TLS
SMTP: smtp.gmail.com   465   SSL/TLS
      smtp.gmail.com   587   STARTTLS
```

"Kwamfutar ofishinmu tsohuwa ce, Outlook 2013 ke ciki, kuma ban ga inda aka rubuta OAuth2 ba."

Ba za ki gani ba, Hajiya, domin Outlook 2010 da 2013 ba su san wannan hanya ga Gmail ba. Mafitarki ita ce abin da Google ke kira App password. Da farko sai kin kunna 2-Step Verification, wato tantancewa mai mataki biyu, a asusun, in ba haka ba zaɓin ba zai bayyana ba. Sannan ki je myaccount.google.com/apppasswords, ki ba shi suna, za a fitar miki da haruffa 16. Su za ki sa a akwatin Outlook maimakon kalmar sirrinki ta kullum. Sau ɗaya ake nuna su, kuma ranar da kika sauya babbar kalmar sirrin Google, sun mutu, sai kin ƙirƙiri sababbi. Yahoo ma tana da irin wannan a shafin Account Security.

Idan asusun Hotmail ko Outlook.com ne, wannan dabarar ba za ta fisshe ki ba. Sai sabuwar manhaja, ko Thunderbird wadda kyauta ce, ko ki riƙa shiga ta burauza.

"Namu imel ɗin kamfani ne mai sunanmu, ba Gmail ba. Shi ma wannan ce matsalar?"

Galibi ba ita ba ce. Irin waɗannan da ake buɗewa a cPanel, wato dandalin sarrafa shafi da imel da kamfanin da ke riƙe muku su ke bayarwa, har yanzu kalmar sirri ta yau da kullum suke karɓa, don haka laifin yakan kasance a saiti. Bari in ba da labarin wata makaranta mai zaman kanta da aka kira ni, domin kusan duk kurakuran sun haɗu a tebur guda.

Sun sauya kamfanin da ke riƙe musu shafi da imel. Washegari sakatariya ta zo ta tarar Outlook na tambayar kalmar sirri duk bayan 'yan mintuna, ga sakamakon jarrabawa ana jiran a tura wa iyaye. Na tarar har ta rubuta kalmar da jan biro a takarda ta manna a gefen allo, tana kwafa harafi-harafi. Na gwada ta burauza a wayata, ta buɗe nan take. Ke nan kalmar daidai ce.

Sai na buɗe saitin asusun. A gurbin Incoming mail server, sunan sabar tsohon kamfanin ne zaune. Wannan sabar tana nan da ranta, tana amsa sallama, sai dai an riga an goge asusun makarantar daga cikinta. Shi ya sa ba a ga saƙon "an kasa haɗawa" ba. Manhajar tana isa, ana ce mata ba a san wannan mutum ba, ita kuma ta juyo ta tambayi sakatariya. Wannan bambancin yana da amfani: sabar da babu ita, ko lambar Port da ba daidai ba, yawanci saƙon gaza haɗi ko ƙarewar lokaci suke kawowa. Akwatin kalmar sirri na nufin wani ya amsa, ya ƙi ka.

Na sa sabon suna, irin mail.example.com, da 993 da SSL/TLS. Akwatin ya sake fitowa. Na duba User Name, sai na ga an rubuta `info` kawai. Sabar cPanel tana ɗauke da imel na kamfanoni da yawa, kowanne da nasa `info`, don haka sai an rubuta cikakken adireshi, `info@example.com`. A ƙasa kuma wani ya sa alama a Require logon using Secure Password Authentication (SPA), ina jin don ya ga sunan ya yi kama da ƙarin tsaro. SPA tsohuwar hanyar Microsoft ce da yawancin irin waɗannan sabobin ba sa ji, na cire alamar. A More Settings, shafin Outgoing Server, na sa alama a My outgoing server (SMTP) requires authentication, na zaɓi Use same settings as my incoming mail server.

Komai ya daidaita, amma ya ƙi shiga. Nan na haɗa kwamfutar da datar wayata maimakon wayafai na ofis, sai ga wasiƙu suna zubowa. Ashe sabuwar sabar ta toshe adireshin intanet na ofishin. Wayar shugaban makaranta da ta akanta an riga an nuna musu sabuwar saba amma da tsohuwar kalmar sirri, suna ta gwadawa a ɓoye tun safe ta wayafai ɗaya. cPanel na da mai gadi da ake kira cPHulk, wanda idan gwaje-gwajen da suka faɗi suka yi yawa daga wuri ɗaya, yakan hana shiga na wani lokaci ko da kalmar daidai ce. Muka gyara wayoyin biyu, muka nemi kamfanin ya cire toshewar, aiki ya tafi kafin azahar.

"Na gyara duk saitin, na sa sabuwar kalma, amma da na sake kunna kwamfuta sai ya koma tambaya."

Windows ce ke riƙe da tsohuwar. Rufe Outlook, buɗe Control Panel, Credential Manager, Windows Credentials, ka cire duk layin da ke ɗauke da adireshin imel ɗinka ko ya fara da MicrosoftOffice. Buɗe Outlook ka shiga sau ɗaya, ka sa alamar a tuna da kalmar. Idan bai ji ba, ƙirƙiri sabon Profile ta Control Panel, Mail, Show Profiles. Amma ka kula sosai idan asusun POP ne, wato mai sauke wasiƙu daga saba zuwa na'urarka: wasiƙunka na iya kasancewa a kwamfutar kaɗai, cikin fayil mai ƙarewa da .pst. Ka kwafe shi gefe kafin ka goge komai. Na ga wanda ya rasa wasiƙun shekaru saboda garajen cire asusu a waya da aka saita da POP.

"Akwai yadda zan ji ainihin abin da sabar ke cewa, ba abin da manhaja ke nuna mini ba?"

Akwai, in kana da Linux ko Mac, ko ka sa OpenSSL a Windows:

```
openssl s_client -connect mail.example.com:993 -crlf
a1 CAPABILITY
a2 LOGIN info@example.com kalmarka
```

Idan layin `* OK` ya fito bayan umarni na farko, sunan saba da Port daidai ne. Amsar umarni na biyu za ta jera hanyoyin da sabar ke karɓa: `AUTH=PLAIN` na nufin kalmar sirri ta yau da kullum, `AUTH=XOAUTH2` kuma sabuwar hanya. Na uku shi ne hukunci. `a2 OK` na nufin laifin manhajarka ne. `a2 NO [AUTHENTICATIONFAILED]` na nufin sabar ce ta ƙi. Gmail kan ma faɗi dalili ƙarara, `Application-specific password required`, wato haruffa 16 ɗin nan take nema. A ɓangaren aikawa kuwa lambar ƙin karɓa ita ce 535. Ka gwada sau ɗaya ko biyu kawai, domin wannan gwajin ma cPHulk na ƙirga shi, kuma ka rufe tagar idan ka gama, tun da kalmar sirrinka na rubuce a fili a kan allo.