Kamfani yana asara: a rufe ko a ci gaba? Amsoshi kan kuɗin da ya nutse da tsayayyen kuɗi

Malam, kuɗin da ya nutse da tsayayyen kuɗi ba duk abu ɗaya ba ne?

A'a. Na sha faɗa, ba ɗaya ba ne. Tsayayyen kuɗi shi ne wanda ba ya hawa ba ya sauka ko ka yi kaya da yawa ko ka yi kaɗan, kamar haya, albashin manaja, inshora. Kuɗin da ya nutse kuwa shi ne wanda ka riga ka kashe, ko ka sa hannu dole sai ka biya, kuma ko ka rufe kamfanin yau ba zai dawo ba. Tambayoyi biyu ne daban. Ta farko: yana canzawa da yawan aiki? Ta biyu: in na fita, zan tsira da shi?

To albashin manaja fa, wane iri ne?

Tsayayye ne amma bai nutse ba. Ka rufe, ka sallame shi, albashin ya tsaya.

Na zuba kuɗi masu yawa a harkar nan, ya za a yi in bari su tafi a banza?

Sun riga sun tafi ɗan'uwa. Ci gabanka ba zai dawo da su ba, rufewarka ma ba za ta dawo da su ba, shi ya sa ba sa shiga lissafin. Abin da ke damuna shi ne mutum ya ɗauki sabon kuɗi da ke hannunsa, wanda yake da ikon hana shi fita, ya bi tsohon da shi don kawai kar a ce ya yi asara. Kuma ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke faɗawa ba. Gwamnatocin Birtaniya da Faransa sun yi ta zuba kuɗi a jirgin saman Konkod bayan ta bayyana cewa ba zai mayar da kuɗin ƙera shi ba, ya fara ɗaukar fasinja a 1976, aka ajiye shi a 2003, har yau da sunansa ake kiran wannan kuskuren.

Akantanmu ya nuna mun yi asarar miliyan 9 a bana. Muna yin kwalaye ne, saura shekara ɗaya hayarmu ta ƙare. Mu rufe yanzu?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, don amsar tana rataye da takardun da ke hannunka. Bari in ɗora lissafi a kan asarar taka, lambobin nawa ne na misali, kai sai ka cire su ka sa naka.

A ce cinikin shekara miliyan 50 ne. Takarda, gam, wuta da kuɗin leburori, wato abin da ke bin yawan aiki, sun ci 38. Manaja, masu gadi da inshora sun ci 5. Haya 6. Sannan akanta ya cire 10 na tsufan inji, don ka sayi injin a miliyan 60 yana raba kuɗin a kan shekara 6. In ka cire duka daga 50 ka ga asarar 9 ɗin nan. Akanta bai yi ƙarya ba, aikinsa ya yi, sai dai takardarsa labarin abin da ya wuce take bayarwa, kai kuma shawara za ka yanke a kan shekara mai zuwa.

Abin da za ka yi shi ne ka bi kuɗin ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, in na kulle ƙofa gobe wannan zai daina fita? 38 ɗin zai daina. 5 ɗin ma zai daina duk da tsayayye ne, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa, sun haddace cewa a gajeren lokaci ba a duba tsayayyen kuɗi, sai su watsar da shi gaba ɗaya. Ba haka ba ne, wanda ba a dubawa shi ne wanda ba za ka iya kauce masa ba. Haya kuma, in ka sa hannu a yarjejeniyar da babu ƙofar fita, 6 ɗin nan ta nutse ko da ba ka biya ba tukuna, ko injin yana aiki ko yana kwance sai ka biya. Saboda haka in ka ci gaba kana da 50 a cire 38 a cire 5, saura 7. Wannan 7 ɗin in ka rufe babu ita, hayar kuma tana nan tana jiranka.

Saura inji, kuma kar ka yi saurin cewa duk ya nutse. Ka manta da 60, ka manta da 10 ɗin akanta, ka je ka tambayi masu sayen tsofaffin injuna nawa za su ba ka yau. A ce 12. To 48 ta nutse, 12 tana raye. In ka riƙe injin shekara ɗaya yana aiki, a ce darajarsa za ta sauka zuwa 9, ka rasa 3 ke nan. Sannan da ka sayar yau 12 ɗin nan za ka iya juya ta a wani wurin, a ce ta kawo kashi 10 cikin ɗari, wato 1.2. Ainihin kuɗin riƙe injin shekara ɗaya 4.2 ne. Cire daga 7, saura 2.8. A wannan lissafin ci gaba ya fi rufewa da miliyan 2.8, alhali littafin akanta yana nuna asarar 9.

Amma fa kar ka tafi da wannan ka ce na ce ka ci gaba. Ka koma ka karanta yarjejeniyar hayar da kyau. In mai gini ya yarda ka saka wani a wurin, kuma akwai mai biyan 4 a shekara, to 4 cikin 6 ɗin ba ta nutse ba, za ka iya ceto ta in ka fita, sai 2.8 ta koma asarar 1.2, rufewa ta fi. Haka in akwai sharaɗin cewa za ka iya fasa hayar ka biya tarar 2, to 2 ɗin ce kawai ta nutse. Ta ɗaya gefen kuma, rufewa ita ma tana da nata kuɗi: haƙƙin sallamar ma'aikata, kwance injin da ɗaukarsa, tarar kwangilar da ba ka cika ba. Waɗannan suna ƙara ƙarfafa hujjar zama, ko da yake wanda za ka biya ko yau ko baɗi, jinkirta shi kawai kake yi, ba tsira ka yi ba. Kuma in kai ne ke tsaye a kan kamfanin ba ka ɗaukar albashi, ka sa abin da za ka samu in ka yi aiki a wani wuri, mutane suna mantawa da wannan ƙwarai.

Abu na ƙarshe, 50 ɗin nan hasashe ne. In ciniki ya sauka da kashi 10 cikin ɗari ya koma 45, kuɗin da ke bin aiki zai sauka zuwa 34.2, abin da ya rage bayan 5 ɗin ya zama 5.8, ka cire 4.2 saura 1.6. Har yanzu zama ya fi, amma ka ga yadda tazarar ke tsukewa. In kuma farashin kwali ne ya faɗi da kashi 10 ba yawan oda ba, 38 ɗin tana nan yadda take, saura 2, ba ta kai 4.2 ba, sai rufewa. Ka san wanne ne ke faruwa da kai kafin ka yanke.

In shekarar ta cika fa, mu sabunta hayar?

Da waɗannan lambobin, a'a. Ranar da yarjejeniya ta ƙare hayar ta dawo hannunka, za ka iya ƙin biya, don haka ta shiga lissafi. 7 a cire 6, saura 1. Injin yanzu 9 yake, a ce zai sauka zuwa 7 a shekara, 2 ke nan, da 0.9 na abin da kuɗin zai kawo a wani wuri, 2.9. Ka shiga asarar 1.9. Kamfani ɗaya, ciniki ɗaya, bana a zauna baɗi a fita. Ka rubuta ranar a kalanda tun yanzu, kuma ka fara neman mai sayen injin kafin lokacin, kar mai gini ya zo da takarda ka sa hannu don ka saba.

Bashin banki da na ci na sayi injin fa?

Za ka biya ko ka rufe ko ba ka rufe ba. Bai shiga shawarar zama ko fita ba. Inda yake shiga shi ne ko kuɗin hannunka zai kai ka ƙarshen wata, wannan kuma wata magana ce, ka zauna da bankin.

Ashe dai kuɗin da ya nutse ba shi da wani amfani a lissafi kenan?

Kar ku wuce gona da iri. Bayan ya nutse ne ba ya shiga. Kafin ka kashe shi, shi ne abin da ya fi kamata ka tsaya a kansa. Wanda zai shiga harkar kwalayen nan yau sai ya tabbata cinikin zai mayar masa da 60 ɗin injin, wanda ke ciki kuwa 12 kawai yake karewa, shi ya sa za ka ga farashin da ba zai jawo sabon kamfani ba amma bai kori tsoho ba. Masanin tattalin arziki Avinash Dixit ya yi bayanin wannan a 1989, ya ƙara da cewa in farashi yana hawa da sauka, kamfanin da ya san komawa kasuwa zai sake cin masa kuɗin da ba ya dawowa, kamar horar da sabbin ma'aikata da neman kwastomomi daga farko, yana da hujjar jure 'yar asara na ɗan lokaci. Hujjar tana kan kuɗin da zai kashe nan gaba in ya fita ya dawo. Kuma tana da iyaka, sai in akwai dalili na gaske da zai sa farashi ya farfaɗo.

Tsada ce ke sa kuɗi ya nutse?

Ba tsada ba ce. Jirgin sama yana da tsada sosai, amma in wata hanya ba ta da fasinja za a mayar da shi wata hanyar ko a ba da shi haya. Layin dogo kuwa ko bututun da aka binne, inda aka shimfiɗa shi nan zai zauna. Talla ma haka, tana fita ta fita. Kafin ka sayi kowane inji ka tambaya su wa za su saye shi a hannunka in harkar ta ƙi, kuma nawa. In amsar ita ce sai masu sayen tsohon ƙarfe, to kusan duk kuɗin zai nutse ranar da aka kafa shi, gara ka duba ko za ka same shi haya ko ka sayi na hannu.