Bayyana Aikau da Ɓoye Shi a Wasiƙun Imel na Aiki

A nahawu, aikau shi ne wanda ya yi aikin da jimla ke magana a kai. Mai rubuta imel yana iya bayyana shi, kamar a “akanta ya aika takardar”, ko ya sakaya shi, kamar a “an aika takardar”. A ofisoshin Yamai da Tahoua akan rubuta yawancin wasiƙu da Faransanci, wanda dokar ƙasar Nijar ta 2025 ta bari a matsayin harshen aiki bayan ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma umarnin da ke cikinsu da Hausa ko Zarma ake maimaita shi ga ma'aikata.

Faransanci yana iya sa abin da aka yi wa aiki a gaban jimla, sannan ya ambaci mai aikin a ƙarshe in marubuci ya so. Hausa ba ta da wannan ƙofa. Wakilin sunan da ba ya nuna kowa, wato “an”, “aka”, “ana” da “za a”, ba ya barin gurbin da za a saka sunan mai aiki daga baya, don haka da zarar an zaɓe shi, mai aikin ya fita daga jimlar ke nan. Akwai kuma aikatau irin su “ɓace” da “lalace”, waɗanda suka fi “an” ɓoyewa, domin “an ɓatar da takarda” ya yarda cewa hannun wani ne, amma “takarda ta ɓace” yana nuna kamar ita ta tafi da ƙafarta.

A ɗauki misalin reshen wani kamfani a Tahoua da ya rubuta wa hedikwata a Yamai cewa: “Ba a aika takardar biyan kuɗin ba, amma za a gyara.” Mutum uku suka samu kwafin wasiƙar, akanta da sakatariya da shugaban reshe, kuma kowannensu yana iya ɗauka cewa ɗayan ake nufi. Rabin farko yana rufa asirin wanda ya yi sakaci, abin da ake iya yi wa uzuri, tunda Bahaushe ya saba amfani da “an” don kunya da girmama na gaba. Rabi na biyu ne ya fi illa, domin alkawari ne da babu wanda ya ɗauka. Gyaransa shi ne: “Ban aika takardar ba, zan aiko ta ranar Litinin kafin ƙarfe 10.”

Hanyar ganewa ita ce mai karatu ya tambayi kowane “an” ko “za a” cewa “wa?”. In amsar ba ta da amfani, kamar a “an ɗauke wuta da safe”, ko kowa ya san ta, kamar a “an biya albashi”, jimlar ta yi daidai. In kuwa akwai wa'adi, ko kuɗi, ko sa hannu, sai a rubuta suna ko muƙami.