Jadawalin Aiwatar da Aiki

Jadawalin aiwatar da aiki takarda ce mai layuka da gurabe wadda kwamiti, ƙungiya ko ofis ke amfani da ita wajen bin diddigin abin da aka yanke shawarar yi. Kowane layi na ɗauke da aiki guda, sannan a gabansa akwai gurabe huɗu: mai alhaki, wa'adi, matsayi da mataki na gaba. Ana zana shi a littafin sakatare ko a Excel da Google Sheets, ƙa'idar cike shi kuwa ɗaya ce.

A gurbin mai alhaki mutum ɗaya ake rubutawa, ko da mutane da yawa ne za su yi aikin, domin idan aka rubuta "kwamiti" babu wanda za a tambaya ranar zama. Wa'adi kuma rana ce takamaimai, da sunan wata da shekara. "Kafin dashe" ko "bayan Sallah" ba wa'adi ba ne. Matsayi ana taƙaita shi ga kalmomin da aka amince da su tun farko, galibi ba a fara ba, ana kai, ya tsaya, an kammala.

A ɗauki misalin ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Argungu da ke shirin noman rani. Idan an zuba iri a wurin reno ranar 5 ga Janairu, dashe zai kama wajen 26 ga wata, tun da yake ana cire dashen shinkafa yana da kimanin kwana 21. Dole fili ya sha ruwa kafin nan, saboda haka layin gyaran injin ban ruwa zai ɗauki ma'aji a matsayin mai alhaki, da wa'adin 20 ga Janairu na shekarar. Idan makaniki ya duba injin ya ce sai an sauya wani abu a cikinsa, kuɗi kuma ba su fito ba, matsayin da ya dace shi ne "ya tsaya", mataki na gaba kuwa: ma'aji ya karɓi sa hannun shugaba ranar Litinin, ya je Birnin Kebbi ya sayo kayan. Wanda ya rubuta "a ci gaba da bibiya" bai cike gurbin ba, domin ba a san wa zai yi me ba, ko yaushe.

Mafi yawan ɓarnar jadawali a kalmar "ana kai" take ɓuya, kasancewar ba ta jawo wa kowa tambaya. Ana gane ta idan layi ya yi zama biyu a jere mataki na gaba bai sauya ba. Irin wannan aiki a zahiri ya tsaya. Haka nan idan wa'adi ya wuce, ba a goge shi, sai a rubuta sabo a gefensa, don a ga yawan jinkirin, a kuma lissafa abin da zai jawo wa dashen da ke tsufa a wurin reno.

Jadawalin ba ya nuna kuɗin da aka kashe, ba ya kuma nuna aikin da ke jiran a gama wani aikin, sai an ƙara masa gurbin bayani.