Tsohon tabon manja da kurkur a farin kaya

Tambaya: Farar shaddata ce manja ya ɗiga mata tun bikin sallah, har an sa sitati an goge, yanzu ya zama ruwan ɗorawa. In jiƙa ta a bilic ne?

Don Allah kar ka fara da bilic ɗan'uwa. Tabon manja abu biyu ne a haɗe, akwai maiƙo akwai kuma launi, shi bilic launin kawai yake taɓawa, maiƙon yana nan daram, sai ka yi ta ƙarawa kana jiƙawa har zaren auduga ya ruɓe, wata rana kana sa hannu a aljihu ka ji kyat ta yage. Maiƙon za ka fara cirewa. Jiƙa rigar a ruwan ɗumi kamar minti 30 sitatin ya saki, ka matse, ka juya ta bai, sai ka ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka kamar ƙaramin cokali ɗaya a bayan tabon, ka murza da yatsa a hankali, banda buroshi mai ƙarfi domin yana kashe ƙyallin shadda. Bar shi awa guda ka ɗauraye da ruwa mai zafi-zafi. Tunda dutsen guga ya riga ya dafa shi, sai ka maimaita sau biyu ko uku.

Yadda za ka gane maiƙo ya fita, bari ta bushe ka ɗaga ta a haske, in wurin ya fi gefensa duhu kamar takardar da aka naɗe ƙosai, to da saura. In launi ne kawai ya rage, jiƙa wurin ka shanya a tsakiyar rana, ranar Zariya ta isa, duk sanda ya bushe ka yayyafa ruwa. Kwana biyu yawanci ya koɗe. Kuma kar guga ya kusance ta sai tabo ya tafi.

Tambaya: Ni kurkur ɗin dilka ne ya ɓata min farin zani, na sa sabulu sai ya koma ja!

Kwantar da hankalinki, zaninki bai lalace ba. Haka kurkur yake, da ya haɗu da sabulu ko kanwa sai ya yi ja, ki matsa lemon tsami zai dawo ɗorawa, sai ki ɗauraye sosai ki shanya da danshinsa, rana na cin kurkur da sauri. Tabon da ya ƙi fita, sayi haidirojin na wanke ciwo a kemis, in kwalbar ta ce 6% ki haɗa da ruwa daidai wa daida, ki ɗiga ki bari minti 20 ki ɗauraye. Amma in akwai aiki mai launi a jiki ki gwada a lungu tukuna. Kuma ko da wasa kar lemon tsami ya haɗu da bilic, iskar da ke tashi guba ce.